Bin Sawun Alama a Ƙagaggen Labari: Wutar Okonkwo da Tokarta



Akwai wata tambaya da ke yawan kayar da ɗalibai a jarrabawar adabi. Za a ce a tattauna muhimmancin wani abu a cikin littafi, kamar wuta, ko ruwa, ko hanya. Ɗalibi ya karanta littafin tsaf, ya san sunan kowa, ya san wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Amma da ya zo nan sai ya rubuta layi ɗaya: wuta tana nufin fushi. Daga nan alƙalami ya tsaya. Wani kuma sai ya koma ba da labarin littafin tun daga farko, ya cika shafi uku bai taɓa tambayar ba. Dukkansu biyu sukan yi asarar maki, alhali ba ƙarancin karatu ne ya jawo musu ba. Hanyar bin sawun abin ce ba a nuna musu ba.

Ita za mu nuna yau, kuma za mu yi aikin ne da littafi guda, wato Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Labarin ya faru ne a ƙasar Ibo, a wani gari mai suna Umuofia, daidai lokacin da Turawan mishan da na mulki suka fara shigowa. Littafin yana da babi 25, an kasa shi kashi uku. Tauraronsa shi ne Okonkwo, ɗan kokawa, manomi, jarumin yaƙi, wanda babu abin da yake tsoro kamar a ce ya yi kama da mahaifinsa Unoka, mutumin da ya mutu da bashi a kansa ba tare da ya tara komai ba.

Mece ce alama?

A darasin adon harshe an koya mana kamance, inda ake cewa wane kamar zaki yake. Wannan a jimla ɗaya yake farawa ya ƙare. Alama a cikin ƙagaggen labari ta fi haka tsawon rai. Abu ne na zahiri, wanda ido zai iya gani ko hannu ya taɓa, yana nan cikin labarin yana aikinsa na yau da kullum, amma marubuci ya ɗora masa wani kaya na ma'ana a kai. Wutar da ke cikin littafi wuta ce ta gaske, ana jin ɗuminta, tana ƙona gida. Sai dai duk lokacin da ta sake fitowa, tana ƙara gaya mana wani abu game da mutumin da ke kusa da ita. Wannan dabara ita malamai ke kira alamtarwa.

Yaya marubuci yake ɗora wannan kaya? Ta hanyar maimaitawa. Abu ya fito sau ɗaya, ba za mu kula ba. Ya fito karo na biyu a wani muhimmin wuri, sai kunne ya tashi. Ya fito karo na uku ya sauya kama, to an gaya mana magana. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin darasinmu: ma'anar alama tana cikin bambancin da ke tsakanin fitowarta ta farko da ta ƙarshe. Wanda ya tsaya a kan fitowa ɗaya tamkar wanda ya ga sawun ƙafa guda ne a ƙasa, bai san inda mai ƙafar ya fito ba, bai san inda ya nufa ba.

Hanyar layi uku

Ku samu fallen takarda ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ta rabu gida uku. A gida na farko za ku rubuta babin da abin ya fito. A na biyu ku rubuta wanda ke kusa da shi da abin da ke faruwa a lokacin. A na uku ku rubuta abin da ya sauya idan aka kwatanta da fitowar da ta gabata. Ku saka takardar cikin littafin a matsayin alamar shafi. Kada ku yi gaggawar rubuta ma'ana. Ku bari sai kun samu aƙalla fitowa uku, sannan ku karanta gida na uku daga sama zuwa ƙasa, ku taƙaita shi cikin jimla ɗaya mai ɗauke da aikatau, wato jimlar da ke nuna motsi daga wani hali zuwa wani.

Me za a fara bi? Ku lura da abin da marubuci ya ɓata lokaci yana siffantawa fiye da yadda labarin yake bukata, da abin da ya fito a farkon littafi ko a ƙarshen babi, da abin da ake kwatanta tauraro da shi. Sunan littafi ma yakan tona asiri. Wanda ya ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san tun daga bango cewa ruwan nan abin sa wa ido ne.

Mu gwada da wuta

Fitowa ta farko tana babi na 1, a shafin farko ma. Ana ba mu labarin yadda Okonkwo, yana ɗan shekara 18, ya kayar da shahararren ɗan kokawa Amalinze, wanda ya shekara bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba. Sai marubucin ya kwatanta yaɗuwar sunan Okonkwo da gobarar daji a lokacin hunturu. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan gobara ya san abubuwa biyu game da ita: tana gudu, kuma ba ta zaɓen abin da za ta ci. A nan dai yabo ne. A gida na uku babu abin da za mu rubuta tukuna, tunda babu fitowar da ta gabace ta. Abin da kawai za mu lura shi ne wutar nan a baki take, kwatance ce, ba ta ƙona kowa ba.

Fitowa ta biyu da za mu ɗauka tana babi na 13, ƙarshen kashi na farko. Ana bikin binne dattijo Ezeudu, ana ta harba bindigogi, sai bindigar Okonkwo ta fashe, wani ɓallin ƙarfe ya kashe ɗan mamacin, yaro ɗan shekara 16. Kuskure ne, amma a al'adarsu wanda ya zubar da jinin ɗan gari dole ya bar gari, idan bisa kuskure ne na tsawon shekara bakwai. A daren Okonkwo ya kwashe iyalinsa ya nufi Mbanta, garin mahaifiyarsa. Da gari ya waye, mazan unguwar mamacin suka zo suka cinna wa ɗakunansa wuta, suka rushe katangarsa, suka kashe dabbobinsa, suka lalata rumbunsa. Har babban amininsa Obierika yana cikinsu, domin ba ƙiyayya ce ta kawo su ba, tsarkake ƙasa suka zo yi kamar yadda al'ada ta tanada. Yanzu gida na uku ya samu abin rubutawa. Wutar da ta kasance kwatance ta zama ta gaske. Wutar da ta kasance kirarinsa ita ce ta cinye abin da ya yi shekaru yana tarawa.

Fitowa ta uku tana babi na 17, kuma ita ce zuciyar al'amarin. Okonkwo yana zaman gudun hijira a Mbanta, 'yan mishan sun iso, sun gina coci. Wani ɗan'uwansa ya ga Nwoye, babban ɗan Okonkwo, a cikin masu sabon addinin, ya zo ya faɗa. Da Nwoye ya dawo gida, uban ya shaƙe masa wuya ya hau shi da duka, sai da kawunsa Uchendu ya tsawata masa ya sake shi. Yaron ya fita, bai sake komowa ba. Da dare Okonkwo ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa yana kallon itacen da ke ci a murhu. Ya tuna cewa mutane suna masa laƙabi da wuta mai ruri. Ya yi ta mamakin yadda mutum irinsa zai haifi ɗa mai sanyin jiki haka. Yana cikin kallon itacen da ke cinyewa, sai ya ga kamar ya samu amsa: abin da wuta ke bari a bayanta toka ne. Shi ne wutar, ɗansa ne tokar.

Me ya sauya? Abubuwa biyu. Na farko, wutar ta ƙanƙance. Daga gobarar da ta cika daji, zuwa gobarar gida ɗaya, yanzu ta koma gungumen itace guda yana ci a hankali cikin ɗaki, mutum ɗaya yana zaune gabansa. Na biyu, wani sabon abu ya shigo, wato toka. Tun daga nan duk inda muka ga wuta dole mu nemi abin da ta bari.

Fitowa ta huɗu tana babi na 22. Okonkwo ya koma Umuofia ya tarar gari ya sauya. Wani sabon Kirista mai zafin kai, Enoch, ya yaye fuskar ɗaya daga cikin dodannin gari a bainar jama'a, waɗanda ake ɗauka ruhin kakanni ne. Wannan babban laifi ne da ba a taɓa ganin irinsa ba. Dodannin suka taru suka ƙona gidan Enoch, suka wuce suka rushe cocin, suka bar shi tarin ƙasa da toka. A farkon babi na gaba an nuna mana Okonkwo yana jin wani abu mai kama da farin ciki, karo na farko cikin shekaru masu yawa. A ganinsa garin ya dawo hayyacinsa.

Amma mu bi abin da wutar ta bari. Bayan 'yan kwanaki Baturen mulki ya gayyaci shugabannin gari shida, har da Okonkwo, da sunan tattaunawa, ya sa aka ɗaure su. Masinjojin kotu suka aske musu kai, suka hana su abinci, suka dake su. Aka ci garin tarar buhu 200 na kuɗin wuri, masinjojin suka ƙara 50 don aljihunsu. A babi na 24, ana tsakiyar taron gari, masinjoji suka zo da umarnin a watse, Okonkwo ya zare adda ya sare shugabansu. Ya duba ya ga jama'a sun bar sauran sun tsere, ya gane garin ba zai yi yaƙi ba. A babi na 25 aka same shi ya rataye kansa, mutuwar da al'adarsu ta ƙyamata har 'yan'uwansa ba za su iya taɓa gawarsa ba.

Yanzu mu karanta gida na uku daga sama zuwa ƙasa. Wuta ta fara a matsayin yabo, ta koma hukunci a kan gidansa, ta koma madubin da yake kallon kansa a ciki, ta ƙare a matsayin nasarar kwana kaɗan da ta jawo halakarsa. Jimlarmu ɗaya za ta iya zama haka: zafin da ya ɗaga Okonkwo sama shi ne ya riƙa cin duk abin da ke kusa da shi, gidansa, ɗansa, daga ƙarshe shi kansa. Ku kwatanta wannan da cewa wuta tana nufin fushi. Ta farkon tana da tafiya, tana da hujja babi-babi. Ta biyun kalma ce kawai aka musanya da wata.

Wa ya faɗa?

Akwai wani tarko a babi na 17 da ya kamata mu tsaya a kansa. Da yawa sukan rubuta cewa toka tana nufin Nwoye, rago ne marar amfani, su wuce. Amma wa ya yanke wannan hukunci? Okonkwo ne, cikin dare, cikin ɓacin rai, bayan ya gama dukan yaron. Fassarar tauraro daban, ta littafi daban, kuma aikin mai nazari ne ya auna su.

Me littafin ya nuna mana game da Nwoye? Yaro ne mai son tatsuniyoyin mahaifiyarsa fiye da labaran yaƙin mahaifinsa. Ya shaƙu da Ikemefuna, yaron da aka kawo daga wani gari a matsayin diyya ya zauna gidansu shekara uku, har yana kiran Okonkwo baba. Da aka yanke hukuncin kashe Ikemefuna, dattijo Ezeudu ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu, amma ya bi su, kuma shi ya kai saran ƙarshe don kada a ce masa rago. Littafin ya nuna cewa a ranar wani abu ya karye a zuciyar Nwoye. Ke nan idan har Nwoye toka ne, wa ya ƙona shi? Itace ba ya zama toka da kansa. Okonkwo ya faɗi gaskiya game da wuta, amma bai ji abin da maganar take faɗa a kansa ba. Ya ɗauka hoton yana wanke shi, alhali tuhumarsa yake yi. Sannan Nwoye bai tsaya inda uban ya ajiye shi ba: a babi na 21 mun ji an tura shi makarantar horar da malamai a Umuru, yana amsa sunan Isaac.

Don haka ku ƙara wannan tambaya a duk lokacin da wani a cikin labari ya fassara alama da bakinsa: wa ya faɗa, a wane hali yake, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi?

Gwaji na biyu: fara

Mu sake gwada hanyar da wani abu, a taƙaice, don mu ga cewa wani lokaci fitowa biyu ma takan isa idan marubucin da kansa ya ƙulla su.

A babi na 7 fara ta sauka a Umuofia, bayan girbi, cikin sanyin hunturu. Wani ɗan ƙaramin rukuni ne ya fara isowa kamar 'yan leƙen asiri, sannan babbar rundunar ta biyo baya har ta rufe rana. Ta sauka ko'ina, rassan manyan itatuwa suna karyewa saboda nauyinta. Mutane kuwa murna suke yi. Suka jira dare ya yi, raɓa ta jiƙa mata fukafukai, suka fita da kwanduna suka kwaso, suka gasa a tukwanen ƙasa, suka shanya, suka yi ta ci da manja. Mu da muka san soyayyar fara da yaji ba sai an yi mana bayanin wannan murna ba. Amma ku lura da abin da ke gida na biyu: Okonkwo yana zaune da Nwoye da Ikemefuna suna cin farar nan ne lokacin da Ezeudu ya shigo da labarin hukuncin kisa.

A babi na 15 Obierika ya ziyarci Okonkwo a Mbanta, ya ba shi labarin garin Abame. Wani Bature ya zo shi kaɗai a kan keke. Mutanen garin suka nemi shawarar abin bautarsu, aka ce musu wasu suna tafe a bayansa, aka kamanta su da fara, shi kuma da ɗan leƙen asirin da ke fara isowa. Suka kashe shi. Daga baya sojoji suka zo ranar kasuwa suka buɗe wuta, garin ya zama kufai.

Da mun iso nan, dole mu koma babi na 7 mu sake karanta shi da sabon ido. 'Yan kaɗan da suka fara zuwa, rundunar da ta biyo baya, rassan da suka karye, mutanen da suka ga abinci ba su ga haɗari ba: duk sun sami wata ma'ana. Haka alama takan yi aiki da baya. Fitowa ta biyu tana sauya ta farko. Shi ya sa takardar nan take da amfani, domin bayan babi takwas ƙwaƙwalwa ta riga ta saki ƙananan bayanai.

Inda ake zamewa

Kuskure na farko shi ne shigo da ma'ana daga waje. Wani ya haddace cewa fari yana nufin tsarki, ruwa yana nufin rai, sai ya manna wa kowane littafi. Mu ɗauki toka. A gidajenmu tana da amfani, ana tace ruwanta a sa a miya, ana wanke tukunya da ita. Amma a idon Okonkwo abu ne mai sanyi da ya mutu, kuma da wannan ma'anar littafin yake aiki a wannan wuri. Abin da muka sani daga gida zai iya taimaka mana mu ji hoton a jikinmu, kamar yadda sanin gobarar hunturu ya taimaka, amma hukunci na shafin littafi ne.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar duk abin da ya maimaitu a matsayin alamar da marubuci ya gina. Goro ya fito sau da yawa a littafin nan. Kusan duk baƙon da ya shiga gida sai an kawo masa, an fasa, an yi addu'a. Amma ku gwada cika gida na uku, za ku ga kusan babu abin rubutawa. Goron babi na 1 da na babi na 3 saƙo ɗaya suke ɗauke da shi: karɓar baƙo da girmamawa. Ma'anarsa al'ada ce ta ba shi tun kafin a rubuta littafin. Yana da muhimmanci wajen nuna tsarin zaman mutanen, kuma za a iya yin rubutu mai kyau a kan haka, amma ba ya tafiya tare da ƙaddarar tauraro yadda wuta take yi. Idan gida na uku ya zauna fayau, ku sassauta da'awarku.

Kuskure na uku shi ne wuce gona da iri. A babi na 20 an ce mutanen gari suna tsokanar masinjojin kotu da wani laƙabi saboda gajeren wandonsu mai launin toka. Ɗalibin da ya ɗanɗana daɗin bin sawu zai iya tsalle ya ce ga toka ta sake fitowa, lallai masinjojin ma 'ya'yan wuta ne. A yi hattara. A wurin babu wuta, babu Okonkwo yana tunani, babu abin da ya ƙulla launin wandon da daren Mbanta. Ba'a ce ta mutanen da aka zalunta. Gwajin da za ku yi shi ne: zan iya nuna wa abokina wurin a shafi, in gaya masa dalilina, ya gani ba tare da na matsa masa ba? Idan sai an yi ta jan igiya kafin ta kai, a bar ta.

Yadda za a zuba shi a takardar jarrabawa

Da takardarku mai gida uku, amsar ta riga ta tsaru. Ku buɗe da jimlar nan ɗaya da kuka taƙaita. Sannan kowace fitowa ta samu sakin layinta: ga inda abin ya fito, ga abin da ke faruwa, ga abin da ya sauya. Kada ku ba da labari fiye da abin da hujjar take bukata, layi biyu ko uku sun isa. Ku rufe da danganta alamar da jigon littafin. Ga yadda sakin layi ɗaya zai iya kasancewa:

A babi na 13 wuta ta tashi daga kwatance ta zama hukunci. Bayan Okonkwo ya kashe ɗan Ezeudu bisa kuskure, mutanen gari sun ƙona gidansa don tsarkake ƙasa. Abin da aka yabe shi da shi a babi na 1 shi ne yanzu ya cinye dukiyarsa, wanda ke nuna cewa ƙarfin da ya gina shi yana ɗauke da abin da zai rushe shi.

Jimla uku ke nan, amma akwai wuri, akwai hujja, akwai fassara. Idan ba ku tuna lambar babi a ɗakin jarrabawa ba, ku ambaci abin da ya faru, kamar bikin binne Ezeudu. Mai duba takarda zai gane.

Aikin wannan mako

Mun bar muku doya. Ga bakin zaren. A babi na 3 Okonkwo, wanda bai gaji ko rumbu ɗaya ba, ya je wurin attajiri Nwakibie neman irin shuka, ya samu 800, sai shekarar ta zo da fari sannan da ruwa mai yawa. A babi na 4 yana koya wa Nwoye da Ikemefuna yanka irin doya yana ta faɗa, kuma a nan marubucin ya danganta doya da mazantaka a fili. A babi na 14 'ya'yan Uchendu biyar kowannensu ya ba shi iri 300 don ya sake farawa. Ku ci gaba daga nan, ku cika gidajen uku. Da kun shiga kashi na uku, ku ƙirga sau nawa aka ambaci doya, sannan ku duba babi na 21 ku ga wane amfanin gona ne ya fara kawo kuɗi gari bayan Turawa sun buɗe kanti. Raguwar ambaton abu ita ma sauyi ce, tana da wurinta a gida na uku.

Ku rubuta jimlarku ɗaya, ku kai wa malaminku na adabi ko ku gwada ta a kan abokin karatu, ku ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.